Buhun masara ɗaya, hanya uku: jawabin ma'aji ga mambobin ƙungiyar tanadi

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu mata, Alhazai, 'yan uwa da ƙannena, barkanmu da haɗuwa.

Shugaba ya ce in tashi in yi bayani kafin mu ɗaga hannu kan abin da za a yi da rarar kuɗin da ke cikin asusu, tunda dai shawara uku ce a gabanmu kuma kowacce tana da masu goya mata baya. Wasu sun ce a bar kuɗin a banki kawai hankalinmu kwance, wasu sun ce a sayi injin niƙa a ba ɗaya daga cikin matan ƙungiya ta juya, wasu kuma sun ce kaka ta yi, masara ta yi araha, a saye a zuba a sito a jira bazara. Abin da ya dame ni shi ne duk ukun ana kiransu "juya kuɗi" a bakinmu kamar abu ɗaya ne, alhali ba ɗaya ba ne. Na farko ajiya ne, na biyu zuba jari, na uku kasada. Kuma wanda bai raba su a kansa ba wata rana zai ɗauki kuɗin makarantar yara ya kai inda ya kamata a kai rarar da ba a buƙata.

Tambaya biyu nake so mu riƙe har mu tashi. Yaushe za a buƙaci kuɗin nan? Sannan ribar da ake magana, daga ina za ta fito, wa zai biya ta? Bari in ɗauki dubu 500 a matsayin misali, saboda lissafin ya yi sauƙi, farashin da zan faɗa ma misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa a yau.

Mu fara da ajiya. Ita ajiya ba a yinta don riba, ana yinta ne don ranar da ka nemi kuɗinka ka same shi cif, ba sai ka jira kasuwa ba, ba sai ka roƙi wani ya sayi kayanka ba. Adashi ajiya ne, asusun banki ajiya ne, buhu biyar na masara da maigida ya sa a ɗaki don cin iyali har sabuwa ta fito shi ma ajiya ne, domin ba ruwansa da ko farashi ya hau ko ya sauka, tuwo zai ci. Amfaninta kowa ya sani, ranar da aka kwantar da yaro a asibiti ƙarfe biyun dare ba injin niƙa za ka kai wa mai karɓar kuɗi ba.

Amma tana da ɓarawo, kuma ɓarawon baya fasa ƙofa, shi ne tsadar kaya. A watan Disamba na 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. Kenan wanda ya ajiye dubu 500 a Disambar 2023 bai taɓa ko sisi ba, da shekara ta zagayo in ya duba alat zai ga dubu 500 ɗinsa na nan, amma kayan da za ta saya bai wuce abin da dubu 371 ke saya a da ba. Kusan dubu 130 ta tafi ba wanda ya sace. Ga cajin banki na saƙo da na kati ana ɗan tsakura. In kuma kuɗin ya kai nisabi ya shekara, zakka ta hau kansa, ɗaya cikin arba'in, shi ya sa ma aka ruwaito Sayyidina Umar yana cewa a yi kasuwanci da dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. To kun ga ajiya ba inda ake barin duka dukiya ba ce har abada.

Akwai kuma maganar inda aka ajiye, wannan ya shafe mu kai tsaye. A watan Yuni na 2024 Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage. Hukumar inshorar ajiya, wato NDIC, ta biya mutane, amma tana da iyaka: naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 in bankin maikurofainans ne. Wanda kuɗinsa ya haura haka sai ya jira a sayar da kadarorin bankin a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Mu kuma asusunmu da sunan ƙungiya yake, suna ɗaya, shi ya sa nake ta nacin in kuɗinmu ya haura miliyan 5 a raba shi banki biyu. Kuma in faɗa muku gaskiya, ita ƙungiyar kanta ba wata inshora a kanta, kuɗin da ke hannuna ko a akwatin ofis amana ce kawai da littafi da sa hannun mutum uku, don haka ku riƙa neman ganin sitetmen, ba raini ba ne, haƙƙinku ne. Masu gudun kuɗin ruwa, kuma yawancinmu haka muke, akwai bankin Jaiz tun 2012, akwai Taj, akwai Lotus, ba mu da uzurin tura kuɗi ƙarƙashin katifa, mun dai ga abin da ya sami masu wannan a lokacin canjin kuɗi na farkon 2023.

To sai zuba jari. Nan zan ɗan daɗe don nan ne aka fi ruɗewa. Jari shi ne ka sa kuɗi a cikin abin da ke aiki, yana samar da wani abu da mutane ke biya, ko farashin shi abin ya motsa ko bai motsa ba. Inji yana niƙa, kaza tana ƙwai, shago ana biyan haya, Keke tana kawo balas. In aka tambaye ka ribar daga ina, kana iya nuna mutumin da ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya biya saboda ya sami abin da yake so.

Mu ɗauki shawarar injin niƙa da za a ba Hajiya ta juya. Dubu 300 a sayi inji da kafa shi, dubu 200 a riƙa sarin masara, buhu biyar a sati a kan dubu 40 kowanne. Ta surfa, ta wanke, ta shanya, ta niƙa, ta ƙulla gari a leda ta kai shaguna, dusar kuma masu kiwo su saya. Mu ce bayan an cire mai da kuɗin yaran da ke taya ta da leda da dako, kowane buhu yana barin 2,500. Sati guda 12,500 kenan. Cikin wata bakwai akwai sati wajen 30, amma kada mu yaudari kanmu, akwai satin da inji zai tsaya, akwai satin biki ko rashin lafiya, akwai ranar da hadari zai hana shanya, mu ce sati 24 aka yi aiki. Dubu 300 kenan. A cire dubu 60 na gyara, bel da faranti da bakanike. A sake cire dubu 40 na tsufan inji, wannan shi ne wanda kowa ke mantawa, injin da aka saya dubu 300 ba zai sayu haka ba bayan ya sha aiki. Saura dubu 200. In an yi yarjejeniya rabi da rabi, Hajiya dubu 100, ƙungiya dubu 100. Kashi 20 cikin 100 a wata bakwai.

Na san wani zai ce ashe ma ba yawa. Eh, ba yawa, haka ribar gaskiya take, kuma ko wannan ɗin ba tabbas ba ne. Amma ku duba wani abu. A ce masara ta faɗi daga dubu 40 zuwa dubu 30. Hajiya buhu biyar ne kawai a hannunta, ko da a sati ɗaya faɗuwar ta zo asararta ba za ta wuce dubu 50 ba, sati mai zuwa ita ma ta saro da araha ta ci gaba da cin 2,500 ɗinta, don mutane ba za su daina tuwo ba. Ribarta tana tsakanin masara da gari ne, a cikin aikin da ta yi.

Inda jari ke mutuwa kuwa ba a ɓoye yake ba. Bashi ne na farko, mai shago ya karɓi gari ya ce sai ya sayar, sati uku ba labari, a littafi akwai riba amma ba kuɗin sari. Na biyu haɗa aljihu, a ɗebi cefane daga kuɗin sari da niyyar za a mayar. Na uku rashin rubutu. Kuma alamar tana fitowa da wuri in ana dubawa: wanda ke sarin buhu biyar ya koma huɗu, ya koma uku, alhali ciniki bai ragu ba, to an fara cin uwar kuɗi. Shi ya sa in mun yarda da wannan shawara sai an sa mutum biyu suna duba littafi duk ƙarshen wata, suna ƙirga buhu da idonsu. Sannan mu sani tun yanzu, a tsarin mudaraba, wato mu da kuɗi ita da aiki, kason riba ake yankewa, rabi ko sulusi, ba a cewa "ki ba mu dubu 20 duk wata ko an samu ko ba a samu ba". In aka yi asara ba da sakacinta ba, asarar kuɗi tamu ce, ita ta yi asarar wahalarta. Wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki wannan ba gara ya faɗa yau. Kuma kuɗin da ya shiga inji ya ɗaure, ba ranar da ka so za ka cire ba.

Ga wanda yake son jari amma baya son bin inji da bakanike, akwai sukuk, wato takardar jari marar kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da ofishin kula da basussuka ke fitarwa. An fara a 2017 da biliyan 100, na shekara bakwai, ana biyan haya kashi 16.47 a shekara, kuɗin kuma tituna aka yi da su. Da dubu 10 ma ana shiga, ana biyan hayar duk wata shida. Sai dai shi ma ku lura, a shekarar da kaya suka tashi da kashi 30 da wani abu, mai karɓar kashi 16 ya rage asara ne kawai bai tsere mata ba, kuma in ka matsu ka sayar kafin wa'adi farashin ranar za ka karɓa.

Yanzu kasada. Ita ce ka sayi abu ba don zai samar da komai ba, ba don za ka ƙara masa komai ba, sai don kana sa ran wani zai zo ya saya da tsada fiye da yadda ka saya. Buhun da ke sito baya haihuwa. Dala a durowa bata haihuwa. Ribarka gaba ɗaya tana hannun farashin gobe, farashin gobe kuma ba a hannunka yake ba.

Mu yi lissafin da dubu 500 ɗin nan dai. Buhu 12 a kan dubu 40, dubu 480 kenan, sauran dubu 20 ta tafi a dako da sabon buhu da maganin ƙwari da hayar sito, in ma ta isa. Tun kafin a je ko'ina kowane buhu ya tsaya mana a kusan 41,700. Masarar kaka kuma bata gama bushewa ba, za ta rage nauyi, ga gunda ga ɓera, in aka rasa kimanin buhu guda cikin 12 to sai farashi ya kai wajen 45,500 kafin mu mayar da uwar kuɗinmu kawai. In Allah ya sa ta kai dubu 55 kuma ba abin da ya lalace, mun sami dubu 660, riba dubu 160, ta fi kasonmu na inji kuma ba wanda ya yi gumi, wannan ne ke jan mutane kuma ban ga laifinsu ba. In kuma ta sauko dubu 30, dubu 360 za mu ɗauka, dubu 140 ta tafi, ba kuma sati mai zuwa da za a rama.

Kada wani ya ce ai masara bata faɗuwa da bazara. Shekaru da yawa tana tashi, gaskiya ne, 2023 da 2024 waɗanda suka ajiye sun ci kuɗi sosai, shi ya sa kowa ya ruga. Sai gwamnati ta sanar a watan Yuli na 2024 cewa ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafa da wake na kwana 150, ga kuma manoma sun faɗaɗa gona saboda sun ga farashi, a 2025 hatsi ya yi ta sauka a lokacin da aka saba ganin yana hawa. Ku tambayi duk wanda ke shiga Dawanau, mutane nawa ne suka fito da kaya suka sayar ƙasa da yadda suka saya, wasu ma da kuɗin bashi suka saya. Ba wanda ya yi musu sata, ba kuma wanda ya yi lalaci, sanarwa ɗaya daga Abuja da damina mai kyau sun isa. Ban da wannan akwai maganar malamai kan ɓoye abinci lokacin da jama'a ke cikin matsi, kuma mu ƙungiya ce ta unguwa, maƙwabtanmu ne masu sayen mudun.

Dala ma haka. A Fabrairun 2024 ta kusa 1,900 a kasuwar canji, kowa na cewa za ta kai dubu biyu da rabi, kafin tsakiyar Afrilu ta sauko kusan 1,100. Wanda ya saya a sama kuma buƙata ta kama shi a Afrilu ya yi asarar fiye da sulusin kuɗinsa cikin wata biyu. Daga baya ta sake hawa, eh, amma wanda kuɗin haya ne ya saka bai iya jira ba. Nan ne tambayar "yaushe za a buƙaci kuɗin" take da nauyi. Ɗan kasuwar da ya sayi dala don zai biya kaya a Chaina wata mai zuwa ba kasada yake ba, kare jarinsa yake.

Ni ban ce duk mai kasada ɗan caca ne ba. Akwai dattawan da suka shekara talatin a harkar hatsi, sun san yadda damina ta kasance a Saminaka da Giwa da Dandume, sun san ko masu kamfanin abincin kaji sun shigo kasuwa, suna da sitonsu, kuma in sun faɗi bana suna da ƙarfin tashi baɗi. Da kuɗinsu suke yi. Mu kuɗin da ke hannunmu akwai na bazawara mai tara kuɗin gadon 'yarta, akwai na malamin firamare mai jiran ya kai kuɗin fili, ba su ba mu don mu gwada sa'a ba.

Sai abu na huɗu wanda ba ya cikin ukun amma yana shigowa da rigar jari, ƙannena matasa ku saurara da kyau. MMM ta yi alkawarin kashi 30 a wata, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. CBEX ta ce za ta ninka kuɗi cikin wata guda, ta rufe a Afrilun 2025. Ku yi lissafin da kanku: dubu 100 in tana ƙaruwa da kashi 30 duk wata, a shekara ta haura miliyan 2 da dubu 300. Wace sana'a ce a duniya ke ninka kuɗi sau 23 a shekara, kuma mai ita ya rasa wanda zai kira sai kai da ke da dubu 100? Hajiya da injinta da guminta kashi 20 ta kawo a wata bakwai. Kuɗin sabon shiga ake ba tsohon shiga, shi ya sa na farko suke karɓa da gaske su zo suna nuna alat, kuma shi ya sa ake matsa maka ka kawo mutum. Alamominsu kusan iri ɗaya ne kullum: riba tsayayya wadda aka ce ba asara, garaɓasa in ka kawo wani, gaggawa wai gobe za a rufe, in ka zo cirewa a ce sai ka ƙara wani kuɗi a tantance ka. Takardar rajistar kamfani ta CAC ba lasisin karɓar kuɗin jama'a ba ce, wannan a wajen hukumar SEC mai kula da harkar zuba jari ake dubawa, kuma dokar da aka sa wa hannu a 2025 ta tanadi ɗauri ga masu tallata irin wannan. Dan Allah kada a sake turo irin link ɗin nan a gurup ɗin ƙungiya, mutane suna ganin sunanmu su ɗauka mun tantance.

To ga abin da nake ba da shawara, ku kuma ke da hukunci. Kuɗin da mambobi za su iya nema cikin shekara guda, da kuɗin rancen gaggawa, da abin da muka saba rabawa kafin azumi da Babbar Sallah, ya zauna a banki a matsayin ajiya, mun san tsada za ta ɗan ci amma mun yarda da wannan a madadin samunsa a kan lokaci. Abin da ya ragu bayan wannan, wanda muka tabbata ba mai nemansa nan da shekara biyu, shi za a sa a jari, kuma ba duka a wuri ɗaya ba, wani a inji wani a sukuk in an buɗe sayarwa. Maganar sito kuwa ina roƙon kada a taɓa asusun ƙungiya. Alhaji da sauran masu sha'awar sito, kuma na san sun fi ni sanin hatsi nesa ba kusa ba, su haɗa nasu daban da sunansu, kowa ya sa abin da in ya rasa sulusinsa gidansa ba zai girgiza ba, su rubuta tun yau farashin da za su sayar in ta hau da wanda za su haƙura su fitar in ta sauka. Wanda kuma masarar ci yake so, wannan mai kyau ce, ana iya haɗuwa a saro tare a rage kuɗin mota kowa ya kai nasa gida.

Sakatare zai karanto adadin da ke asusu da abin da ake binmu da wanda muke bi, sannan a ɗaga hannu a kan kowace shawara ɗaya bayan ɗaya. In an amince da inji, ina neman mutum biyu, mace ɗaya namiji ɗaya, da za su riƙa duba littafin duk ƙarshen wata, a rubuta sunansu kafin mu yi addu'a. Ranka ya daɗe, na gama.